Wasiƙa Daga Ramin Yaƙi: Abin da Soja Ya Rubuta da Abin da Ya Haɗiye

Wasiƙun da sojojin Birtaniya suka riƙa aikawa gida daga fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, ba su ɗauke da sunan gari a samansu. Soja zai sa kwanan wata, ya rubuta cewa yana wani wuri a ƙasar Faransa, shi ke nan. Daga nan sai ya gaida mahaifiyarsa ko matarsa, ya ce lafiyarsa ƙalau, ya yi godiyar ƙunshin da aka aiko masa, ya yi ƙorafin sanyi da taɓo da abincin gwangwani, ya roƙi safa da kyandir da taba, ya tambayi labarin ƙannensa. Wanda ya karanta goma daga cikinsu a jere zai iya ɗauka cewa mutanen nan aikin haƙar kwata aka kai su a lokacin hunturu, domin mutuwa ba ta cika fitowa fili a cikinsu ba.

Dalili shi ne kowace wasiƙa masu karatu biyu gare ta. Akwai uwa ko mata da ke jira a gida, wadda ba a so hankalinta ya tashi. Akwai kuma hafsan da zai buɗe ta ya karanta kafin ta bar rundunar. Soja yana rubutu ne idonsa ɗaya na kan wannan, ɗaya na kan wancan. Abin da ya rage masa ya faɗa ba tare da fargaba ba shi ne gundura da cikinsa, don haka su ne suka cika takardar. Tsoro kuwa yana nan, amma sai an san yadda rayuwar ramin take kafin a gane inda ya ɓuya.

Hanyar da takarda ke bi

Zuwa ƙarshen 1914 rundunonin ɓangarorin biyu sun kasa ture juna, sai kowa ya haƙa rami ya shiga. Layin ramukan ya miƙe tun daga gaɓar teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar kusan kilomita 700, kuma bai motsa sosai ba har bazarar 1918. Wannan zama wuri guda shi ya sa aikin gidan waya ya yiwu yadda ya kamata. A Landan an gina wata ƙatuwar rumfar katako a filin Regent's Park, inda ma'aikata kusan 2,500, yawancinsu mata, ke tantance saƙonni. A lokacin da aikin ya kai ƙololuwa, wasiƙu kusan miliyan 12 ne ke tsallaka teku kowane mako zuwa wurin sojoji, ban da ƙunshin kaya. Wasiƙar da aka jefa a akwati a Ingila kan isa hannun mai ita cikin kwana biyu ko uku. Soja kuma ba ya biyan kan sarki idan zai aika tasa gida.

Mai aikawa ba ya rubuta wurin da sojan yake, domin bai ma sani ba. Lambar soja, muƙaminsa, sunansa da bataliyarsa kawai zai sa, gidan wayar soja ne ya san inda kowace bataliya take a ranar. Daga jirgin ruwa buhunan su hau jirgin ƙasa, daga nan su koma mota, daga mota su koma amalanken da dawaki ko alfadarai ke ja. Zangon ƙarshe da dare ake yin sa, a kafaɗar mutane, ta cikin ramukan da suka haɗa baya da gaba. Kuma tare da abinci ake ɗauko su. Ayarin da ya kawo burodi da ganyen shayi shi ne ya kawo wasiƙa, shi ne kuma zai koma da amsa. Idan abokan gaba suka yi ruwan wuta a kan hanyar a daren, to ba abinci ba labarin gida.

Kafin amsar ta kama hanya, sai ta bi ta hannun ƙaramin hafsa, galibi laftana mai kula da mutum arba'in zuwa hamsin. Soja zai miƙa ambulan a buɗe. Hafsan ya zauna a kogonsa da hasken kyandir ya karanta, ya goge ko ya yanke sunan gari, sunan runduna, adadin waɗanda aka kashe, ko duk wata alamar shirin kai hari, sannan ya sa hannu a buga hatimi. Hujjar hukuma ita ce kada takarda ta faɗa hannun maƙiyi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma a duba matsayin mai rubutun. Wannan laftana shi ne zai zaɓi wanda zai fita sintiri gobe da dare, shi ne zai kai rahoton wanda ya nuna ragwanta, ga shi sau da yawa yaro ne ɗan shekara ashirin. Magidanci mai 'ya'ya uku ba zai so irin wannan yaro ya karanta cewa jiya ya yi kuka ba.

An samar da mafita biyu. Ta farko koren ambulan ce, wadda aka fito da ita a 1915. Soja zai sa hannu a bayanta yana rantsuwa da mutuncinsa cewa ba komai a ciki sai zancen iyali, sannan ya liƙe ta da kansa. Hafsansa ba zai gani ba, sai dai a can baya ana zaɓar wasu a buɗe. Ba a raba ta da yawa, shi ya sa ta zama kadara, har ana musayarta da taba. Ta biyu wani ɗan kati ne da aka riga aka buga jimloli a kansa: lafiyata ƙalau, an kwantar da ni a asibiti, na samu wasiƙarka, na daɗe ban ji daga gare ka ba, wasiƙa na tafe. Soja zai soke waɗanda ba su shafe shi ba, ya sa hannu da kwanan wata. An rubuta gargaɗi a jiki cewa in aka ƙara ko kalma ɗaya za a yaga katin. Bayan kowane babban gumurzu irin waɗannan katuna ke fara isa gida, domin aikinsu ɗaya ne, su nuna cewa hannun da ya soke layukan yana raye a ranar.

Kwanakin da ba abin da ke faruwa

Mu ɗauki misalin farabiti guda a yankin kogin Somme a watan Janairun 1917, cikin hunturun da ya fi kowanne tsanani a yaƙin. Ba wani mutum takamaimai nake nufi ba, irin wasiƙar da dubbai suka rubuta ce. Yana zaune a kan dakalin da ake takawa a yi harbi, takardar tana kan gwiwarsa, yana rubutu da fensirin nan da ke komawa shuɗi-shuɗi idan ya jiƙe, domin tawada ba ta da wurin zama a rami. Bayan gaisuwa, abu na farko da zai ce shi ne babu wani labari, yau kamar jiya.

Gaskiya ya faɗa. Mutane da yawa suna zaton soja ya shekara huɗu a ramin gaba yana harbi, alhali juyi ake yi. Bataliya kan yi kwana huɗu zuwa shida a gaba, ta koma ramin tallafi, ta koma baya, sannan a sake zagayowa. Wani hafsa mai suna Charles Carrington ya lissafa yadda shekararsa ta 1916 ta kasance daga littafin ajiyarsa: kwana 65 a ramin gaba, 36 a na tallafi, 120 a cikin dakarun ko-ta-kwana, 73 a wurin hutu, sauran kuma sun tafi a hutun gida, kwas, asibiti da tafiye-tafiye. Manyan hare-haren da littattafan tarihi ke ambata 'yan kwanaki ne a cikin wannan lissafi.

Ranar rami tana farawa kafin asuba. Sa'a guda kafin gari ya waye kowa zai miƙe ya hau dakali, bindiga a hannu da wuƙarta a baki, domin a irin wannan lokaci aka fi kawo hari. In gari ya waye lafiya a sauka, a goge bindiga, hafsa ya duba, a karya kumallo. Daga nan har magariba ba mai ɗaga kai sama da bakin ramin, saboda gwanayen harbi na can suna jira. Mai gadi ma ta madubin da aka ɗaura a sanda yake leƙen filin da ke tsakani. Da magariba a sake miƙewa sa'a guda. Aikin gaske da dare ake yi: gyaran waya mai ƙaya, cika buhunan yashi, kwashe ruwa, ɗauko abinci, sintiri. Saboda haka wunin sojan barci ne guntu-guntu a zaune, da karta, da karanta tsohuwar jarida, da farautar ƙwarƙwata.

Ƙwarƙwata kam kusan kowa yana da ita. Tana yin ƙwai a cikin ɗinkin riga da wando, sai mutum ya tuɓe ya bi ɗinkin da harshen kyandir yana jin ƙwan suna fashewa, bayan kwana biyu wasu su ƙyanƙyashe. Sai a 1918 likitoci suka tabbatar cewa ita ke yaɗa wani zazzaɓi mai ciwon ƙwauri da ya kwantar da dubban sojoji. Don haka idan wasiƙa ta roƙi kyandir, ba don haske kaɗai ba ne.

Roƙon safa ma haka. Ƙasan yankin Flanders da Somme tana riƙe ruwa, mutum kan tsaya kwana da kwanaki ƙafarsa cikin ruwan sanyi, a matse cikin takalmi. Ƙafar ta fara mutuwa, ta kumbura, ta yi ja ko shuɗi, in abin ya yi nisa ta ruɓe a yanke yatsu ko ƙafar gaba ɗaya. A hunturun farko na yaƙin sojojin Birtaniya fiye da 20,000 ne suka kamu. Maganin da aka gano ba shi da tsada: a cire takalmi kullum, a busar da ƙafa, a shafa mai, a sa busasshiyar safa. Har haɗa sojoji aka yi biyu-biyu, kowa ya kula da ƙafar ɗan'uwansa, domin an lura mutum ya fi sakaci da tasa. Uwar da ta karanta cewa ɗanta yana son safa ƙafa biyu za ta ce sanyi yake ji, ta zauna ta saƙa. Bai gaya mata ya ga an ɗauke wani a kan gadon marasa lafiya da ƙafafu baƙi ƙirin ba.

Abin da ke kan takarda da abin da ya iso rami

Sashen da ya fi tsawo a wasiƙar shi ne na abinci, kuma nan ne sojan ke sakin jiki, har da barkwanci. Bisa ƙa'idar 1914, rabon kowane soja a rana ya haɗa da ɗanyen nama fiye da rabin kilo ko na gwangwani ƙasa da haka kaɗan, burodi fiye da rabin kilo ko busasshen biskit a madadinsa, naman alade, cuku, jam, sukari, ganyen shayi, gishiri da ɗan kayan lambu. Jimillar ƙarfin abincin ta haura kalori 4,000. Talaka ɗan ƙwadago a Manchester ko Glasgow bai saba cin nama kullum ba, kuma da yawa daga cikin kuratan sun yi ƙiba a sansanin horo. Ya kamata a faɗi wannan saboda adalci: rundunar Birtaniya a Faransa ba ta yi yunwa ba.

Matsalar tana cikin kilomita biyun ƙarshe. Kicin ɗin bataliya a kan amalanke yake, kuma ba zai matso kusa ba domin hayaƙinsa zai jawo wuta. Can baya sajen da ke kula da kaya zai raba rabon kowane rukuni a cikin buhunan yashi, wato buhunan da ake gina bangon rami da su. A zuba ganyen shayi da sukari a kusurwa ɗaya a ɗaure, a sa cuku da burodi a sama. Mutanen da aka tura ɗauko su za su bi ta cikin taɓo a duhu, su faɗi su tashi. Kafin buhun ya iso, burodin ya jiƙe ya kwashi gashin buhu, sukari ya narke ya shiga cuku. Burodi guda a raba wa mutum uku ba abin mamaki ba ne, wani lokaci ma fiye. Kofur ne ke rabo, kowa ya zuba masa ido.

Ruwa kuwa a garwar fetur ake kawo shi, wadda ba a cika wanke ta sosai ba, an kuma zuba masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Shayin da aka dafa da shi yana ɗanɗanon fetur da magani. Wannan ƙorafi yana cikin wasiƙu ba adadi. Dafa shi ma wani aiki ne. Wasu suna da ɗan murhu mai daskararren mai da aka aiko musu daga gida. Wasu kuma su naɗe guntun kyandir da tsumman goge bindiga a cikin gwangwani su kunna, su jira rabin sa'a ruwan kofi ɗaya ya yi zafi, ba tare da hayaƙi ya tashi ba.

Abubuwa huɗu ne sunayensu ke maimaituwa. Na farko naman shanu na gwangwani mai gishiri, wanda akasarinsa daga Kudancin Amurka ake kawowa, daga wurare irin su Fray Bentos a ƙasar Uruguay. Yana ƙosarwa, yana kuma sa ƙishirwa a wurin da ruwa ke da wuya. Na biyu farfesun gwangwani na kamfanin Maconochie, mai ɗan nama da kitse da karas da wani tushen kayan lambu a cikin romo tsululu. In an ɗumama shi ana iya ci, in da sanyi ne sai kitsen ya daskare a sama, ga shi a ramin gaba yawanci da sanyin ake ci. Na uku jam na kamfanin Tickler, wanda kusan kullum iri ɗaya ne, haɗin tufa da wani ɗan itace, har sojoji suka riƙa zargin cewa mai daɗin yana maƙalewa a hannun masu rabo a baya. Amfanin gwangwaninsa ya kusa fin abin da ke ciki, domin a farkon yaƙin da shi ake haɗa gurneti na gida. Na huɗu shi ne biskit. Fulawa ce da ruwa da gishiri aka gasa har ta zama kamar tubali, don kada ta lalace. Mai raunin haƙori ba ya iya cizonsa. Sai a farfasa shi da gindin bindiga, a jiƙa a ruwa ya kwana, a dama da jam ko a soya da kitse. Wasu sojoji sun rubuta saƙo a jikin biskit ɗin suka aika gida a matsayin kati, ya kuma isa bai karye ba. Har yau akwai irinsu a gidajen tarihi na Birtaniya.

Akwai kuma 'yar barasar da ake rabawa da asuba a lokacin sanyi, kamar cokali biyu, a gaban hafsa ko saje don kada wani ya tara. Sojojin sun san cewa idan aka ƙara yawanta, to akwai abin da ke tafe.

A wannan hali ƙunshin gida ya fi kuɗi daraja. Albashin farabiti sule ɗaya ne a rana, kuma a rami ba kanti. Kek, alewa, madarar gwangwani, kifin gwangwani, taba, su ne ke karya maimaicin. Al'adar ita ce ba mai cin nasa shi kaɗai, a buɗe a raba wa 'yan rukuni. A ganina wannan ne ya sa godiyar ƙunshi ke cin layuka da yawa. Sojan yana ba uwarsa wani aiki da za ta iya yi masa, yana kuma tabbatar mata cewa ɗan nata yana nan yadda ta san shi, mai son zaƙi da ƙorafin girkin wasu.

A ɗaya ɓangaren abin ya fi muni. Jiragen ruwan Birtaniya sun toshe wa Jamus hanyar shigo da abinci, kuma a hunturun 1916 zuwa 1917 dankali ya yi ƙaranci har mutane suka koma cin abin da a da dabbobi ake ba. Nan sojan ne wani lokaci ke aika wa iyalinsa abinci. Da Jamusawa suka fasa layin Birtaniya a watan Maris na 1918, an ga wasu rundunoninsu sun dakata a rumbunan da suka kama suna ci suna sha, suna mamakin abin da abokan gabansu ke rainawa.

Layi biyu a kan tsoro

Kusa da ƙarshen wasiƙar, sojanmu zai ce a 'yan kwanakin nan an ɗan matsa musu, amma kada a damu. Wataƙila ya ƙara cewa wane, wanda suka taso unguwa ɗaya, bai yi sa'a ba. Daga nan ya koma zancen safa.

Abin da aka matsa musu da shi igwa ce. Kusan kashi shida cikin goma na waɗanda aka kashe ko aka raunata a wannan fage, harsashin manyan bindigogi ne ya same su. Wannan irin tsoro ya bambanta da na fito-na-fito, domin ba wanda za ka rama a kansa, ba inda za ka gudu. Tsohon hannu yana koyon bambance ƙara: wadda za ta wuce, wadda za ta faɗi kusa, da ƙaramar igwar da harsashinta ke fashewa kusan lokaci ɗaya da jin ƙararsa. Akwai kuma ƙaton bam da ake cillowa daga ramin maƙiyi, wanda ana iya ganinsa yana juyi a sama, mutum ya yi caca ko dama zai gudu ko hagu. An haƙa ramukan a karkace, lungu-lungu, don kada fashewa ɗaya ta share layi guda. Ko a yankin da ake kira shiru, bataliya kan rasa mutum ɗaya ko biyu a rana ba tare da wani hari ba. Saboda haka gundurar da wasiƙar ke magana a kai ba hutu ba ce. Zaman jira ne na mutumin da ya san ana iya kashe shi yana tsakiyar shan shayi.

Jiki kan gaza. A watan Fabrairun 1915 wani likita, Charles Myers, ya wallafa bayani a mujallar Lancet kan sojojin da ba rauni a jikinsu amma sun daina gani, ko jin ƙanshi da ɗanɗano, ko tuna abu. Wasu suna karkarwa ba tsayawa, wasu bakinsu ya mutu. Kafin yaƙin ya ƙare rundunar Birtaniya ta lissafa kusan mutum 80,000 masu wannan larura. A lokaci guda kuma kotun soja tana yanke hukuncin kisa kan gudu daga fage da ragwanta. An harbe mutum 306 a kan irin waɗannan laifuffuka, sai a 2006 gwamnati ta yi musu afuwa. Sojan da ya san haka ba zai rubuta wa hafsansa da hannunsa cewa ya kusa zubar da bindiga ya gudu ba.

Don a ga bambanci, a duba wasiƙar wanda ba mai karanta tasa. Hafsoshi su ke sa wa nasu wasiƙun hannu. Wilfred Owen, laftana a rundunar Manchester wanda daga baya ya shahara da waƙoƙin yaƙi, ya rubuta wa mahaifiyarsa a tsakiyar Janairun 1917 daga wannan yanki na Somme. Bai ɓoye mata ba. Ya ba ta labarin yadda shi da mutum 25 suka riƙe wani kogo da Jamusawa suka bari, a gaban layinsu, har sa'a 50, ruwa ya kai ƙwauri yana ƙaruwa, igwa tana dukan saman kogon, da yadda fashewa ta jefo mai gadinsa ƙasan matakala ya makance. Sati ɗaya, taɓo ɗaya, amma da wuya ka samu haka a wasiƙar farabitin da ke cikin kogon tare da shi. An kashe Owen ranar 4 ga Nuwamban 1918, mako guda kafin a tsagaita wuta.

A wurin abinci ma mutuwa tana leƙowa. Ana ƙididdige rabo ne bisa yawan mutanen jiya, don haka daren da ya biyo bayan asara, waɗanda suka rage kan samu burodi da taba fiye da kullum. Ƙunshin da ya iso da sunan mamaci ba a mayar da shi, abokansa ke rabawa, wasiƙunsa ne kawai ake bugawa hatimi a mayar. Idan soja ya rubuta cewa yau sun ƙoshi, wani lokaci dalilin ke nan.

Masu rubutu da bakin wani

Ba Turawa kaɗai ne suka zauna a ramukan ba. Sojojin Indiya sun sauka a Marseille a ƙarshen Satumban 1914, suka riƙe wani sashe na layin har ƙarshen 1915. Yawancinsu manoma ne daga Punjab da kewaye, Musulmi da Sikh da Hindu, kuma akasarinsu ba su iya rubutu ba. Sai su faɗa wa wani marubuci a rundunar ya rubuta, a can ƙauye kuma wani ya karanta wa iyali a bainar jama'a. Ga kuma ofishin tantancewa na musamman da aka kafa musu, wanda ke fassara wasiƙun yana tara samfurinsu cikin rahoto. Wannan rahoto ne ya sa muryarsu ta tsira har yau.

Su ma ta bakin abinci suka bi. Masu tantancewar sun lura ana yawan zancen barkono: baƙin barkono ya kusa ƙarewa, jan barkono yana da yawa, kada a ƙara aiko da baƙi. Baƙin barkono sojojin Indiya ne, ja kuma Turawa. Saƙon shi ne ana kashe mu da yawa, kada ƙanena ya shiga soja.

Faransa kuma ta kwaso sojoji fiye da dubu ɗari daga Afirka ta Yamma zuwa Turai, har da 'yan ƙasar da ake kira Nijar a yau. Sanyi ya yi musu illa sosai, shi ya sa ake janye su zuwa sansanoni a kudancin Faransa, irin su Fréjus, idan hunturu ya shiga. A harin Chemin des Dames na 16 ga Afrilun 1917 an tura su cikin ruwa da ƙanƙara, aka yi musu mummunar asara. Sojojin Najeriya na Ingilishi, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, ba a kai su Faransa ba. Kamaru da Gabashin Afirka suka yi nasu yaƙin, kuma a bakin kogin Rufiji a farkon 1917, da damina ta yanke hanyoyi, sun ga yunwar da ba a gani a Somme ba, har wasu suka mutu saboda cin saiwoyin daji masu guba.

Wannan hari na Chemin des Dames ne ya kai sojojin Faransa bango. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, rundunoni da dama suka ce za su tsare ramukansu amma ba za su sake fita hari ba. Hukumar soja tana da kwamitocin da ke buɗe wasiƙu don auna zuciyar dakaru, kuma abin da suka yi ta karantawa shi ne ƙorafin hutun gida da ba ya zuwa, da miya mai sanyi, da wurin kwana marar kyau, da hare-haren da ba sa haifar da komai. Janar Pétain, wanda ya karɓi jagoranci a watan Mayu, ya sa an hukunta wasu, an harbe kaɗan daga cikinsu. Sannan ya ba da umarni a tsara hutun gida na kwana goma duk bayan wata huɗu, a gyara sansanonin hutu, a kuma matso da kicin kusa da layi yadda abinci zai isa da ɗuminsa.